Abin da ya sa gajeren bugu ba ya zama a tasha ɗaya

Duk mai sauraron rediyo a matsakaicin zango ya san abin da ke faruwa da damina idan hadari ya haɗo. Da an yi walƙiya sai akwatin ya yi ƙarar "ƙas", ko da kuwa hadarin yana can nesa, ba a ma jin tsawarsa. Ka murɗa zuwa wata tasha, ƙarar na nan. Ka koma wata, haka. Tashoshin matsakaicin zango a Afirka an jera su ne da tazarar kilohaz 9 tsakanin kowace da maƙwabciyarta, kowace tana zaune a gurbinta. Ita walƙiya ba ta da gurbi. Wutarta tana tashi ne farat ɗaya, cikin ɗan ƙanƙanin ɓangare na sakan, kuma wannan gaggawar ita ce ta baza ta a kan tashoshin gaba ɗaya. Dokar da ke nan ta shafi sauti da haske da rediyo duka: abin da ya zo ya wuce da sauri dole ya ƙunshi kaɗawa iri-iri masu yawa, wanda kuma yake da tsabtatacciyar kaɗawa guda dole ya daɗe.

Kowace igiya, ta sauti ce ko ta haske, tana da yawan kaɗawarta a sakan guda, kuma da haz ake ƙirga shi. Igiya mai kaɗawa guda tak, a ce haz 1000 cif, ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Hawa da sauka take yi iri ɗaya har abada. Da zarar ka ce ta fara da ƙarfe kaza ta tsaya da ƙarfe kaza, ka riga ka shigo da wasu kaɗawar ciki ko ba ka yi niyya ba. Joseph Fourier, a littafinsa na 1822 kan yaɗuwar zafi, shi ya kafa hanyar lissafin da ke nuna cewa ana iya gina kowace siffa ta hanyar tara irin waɗannan igiyoyi marasa iyaka. To, ta yaya abubuwan da ba su da iyaka za su haɗu su ba da abu mai iyaka? Ta hanyar kashe juna. Inda wata ta hau wata kuma ta sauka, sai su tashi babu. Gajeren bugu wuri ne ɗan ƙarami inda igiyoyin suka taimaki juna, duk sauran wuraren kuma sun share juna. Wannan tarin da ke tafiya a dunƙule shi ne ƙunshin igiyoyi.

A gwada da lambobi. Ɗauki sauti biyu, ɗaya haz 995, ɗaya haz 1005, ka sake su tare. Kunne ba zai ji biyu ba. Zai ji sauti guda na kusan haz 1000 yana kumbura yana lafawa sau goma a sakan, gwargwadon bambancin da ke tsakaninsu. Yanzu a ƙara yawa: sauti goma sha ɗaya, daga haz 950 zuwa 1050, tazarar goma-goma, duka da ƙarfi ɗaya, kuma a shirya su yadda a wani lokaci guda dukkansu suna kan ƙololuwar hawansu. A wannan lokacin tsayin igiyar ya ninka sau goma sha ɗaya. Amma jituwar ba za ta daɗe ba, domin mai 1050 ta fi mai 950 sauri da zagaye ɗari a kowane sakan. Bayan kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, ta riga ta tsere mata da zagaye guda cur, sauran tara kuma sun warwatsu a tsakani, wasu na hawa, wasu na sauka, wasu na tsakiya. Jimlarsu ta kusa zama babu. Ainihin wurin da ta mutu sarai shi ne bayan milisakan 9 da ɗan ɗoriya. Daga nan sai 'yan ƙananan motsi, har a cika kashi ɗaya cikin goma na sakan, inda duka goma sha ɗayan suke sake haɗuwa a ƙololuwa, a sake wani bugun.

Abubuwa biyu ne daban suka fito a nan, kuma ɗalibai sukan cakuɗa su. Tazarar da ke tsakanin maƙwabta, wato haz goma, ita ke yanke sau nawa bugun zai maimaitu. Faɗin da suka mamaye gaba ɗaya, wato haz ɗari daga ƙarama zuwa babba, shi ke yanke gajartarsa. Wannan faɗin shi ne faɗin zango. Idan ka cusa ƙarin sautuka a tsakanin 950 da 1050, bugun ba zai gajarta ba, sai dai ya riƙa jinkirin dawowa, in kuma ka cike gurbin gaba ɗaya ba tsallake, zai zo sau ɗaya kawai. In kana son ya gajarta sau goma, ba makawa sai ka buɗe faɗin sau goma, daga haz 500 zuwa 1500. A nan na farko da na ƙarshe za su rabu da zagaye guda cikin milisakan ɗaya, bugun kuma ya mutu da wuri haka.

A taƙaice ana rubuta dokar haka: Δf × Δt ≈ 1, inda Δf yake faɗin zango, Δt kuma tsawon lokacin bugun. Injiniyoyin waya da talgiram, irin su Harry Nyquist da Karl Küpfmüller, sun ci karo da ita tun 1924 suna neman sanin saƙo nawa waya guda za ta iya ɗauka, sannan Dennis Gabor ya ba ta tsayayyen lissafi a 1946. Wasu sukan ɗauka gazawar na'urar awo ce, wai da za a samu na'ura mai kyau da an tsallake ta. Ba haka ba ne. Sauti na haz 1000 da na 1001, in ka yanko milisakan goma daga kowanne, kusan abu ɗaya ne, domin a cikin wannan ɗan lokacin ba su rabu da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na zagaye ba. Sai an ba su kimanin sakan guda kafin ɗaya ya tsere wa ɗaya da cikakken zagaye. Faɗin yana cikin bugun kansa, ba a idon mai awo yake ba.

Mai bin littattafai zai ga lambar da ke hannun dama tana canzawa: wani ya rubuta 1, wani 0.89, wani 0.44, wani 0.315. Ba saɓani ba ne. Ya danganta da siffar bugun da kuma inda aka ɗora ma'auni. Bugun da aka kunna farat ɗaya aka kashe farat ɗaya, in an auna faɗinsa a rabin ƙarfi, yana ba da 0.89, kuma yana jan jela mai tsawo ta ƙananan kaɗawa hagu da dama, domin kaifin gefensa shi ma gajeren abu ne mai neman nasa faɗin. Shi ya sa mai aika saƙon Morse da ba ya tausasa kunnawa da kashewarsa yake damun maƙwabtansa na zango da ƙas-ƙas. Bugu mai siffar Gauss, wanda ke hawa a hankali ya sauka a hankali, yana ba da 0.44. A ganina wanda ya riƙe dalilin ba ya bukatar haddace lambobin, ya duba su a lokacin aiki. Da 0.44 za mu yi lissafin da ke tafe.

Inda dokar ta fi nuna kanta ƙarara shi ne ɗakin gwajin leza mai gajeren bugu. Femtosakan guda kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na sakan. Cikin femtosakan 10 haske ba ya wuce maikiromita 3, wato bai kai ko kusa da kaurin gashin kai ba. Lezar da aka fi amfani da ita wajen wannan aiki ita ce ta dutsen safaya mai ɗauke da titaniyom, wadda Peter Moulton ya fara nunawa a 1982. Haskenta yana tsakiya ne a tsawon igiya na nanomita 800, can bakin iyakar ja, wanda yake daidai da terahaz 375, wato kaɗawa tiriliyan 375 a sakan.

A ce muna son bugu na femtosakan 100. Raba 0.44 da wannan lokacin, ka samu terahaz 4.4, wanda a wajen nanomita 800 yake daidai da faɗin kusan nanomita 9. In kuma femtosakan 10 muke so, sai terahaz 44, kusan nanomita 94. Wannan ba launi guda ba ne kuma. Dalilin da ya sa dutsen safaya ya mamaye wannan fage ke nan: yana iya ƙara wa haske ƙarfi tun daga wajen nanomita 650 har zuwa 1100. Kwatanta shi da lezar hiliyom da niyon, jan hasken nan na ɗakunan gwajin makarantu, wadda faɗinta bai wuce gigahaz ɗaya da rabi ba. Ko wane irin dabara aka yi mata, ba za ta sauko ƙasa da kimanin kashi uku cikin goma na nanosakan ba. Kayan gini ne babu.

Sai dai faɗi shi kaɗai ba ya ba da gajeren bugu, kuma nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Hasken rana yana da faɗin ɗaruruwan terahaz, ya fi na kowace leza da muka ambata, amma ba bugu ba ne, zuba yake yi ba yankewa. Igiyoyinsa ba su taɓa shirya haɗuwa a ƙololuwa tare ba, kowace da nata takun. Dokar ƙasa ta shata, ba ta shata sama ba: ga siffar Gauss, ninkin faɗi da lokaci ba zai gaza 0.44 ba, amma yana iya wuce shi komai nisa. A cikin leza, haske yana kai da kawowa tsakanin madubai biyu, kuma kaɗawar da ta dace da tsawon wannan tafiya kaɗai ke rayuwa. In tazarar madubin ta kai kusan mita 1.9, kaɗawar suna jere da tazarar megahaz 80, kamar sautukanmu goma sha ɗaya, sai dai a nan, a faɗin terahaz 44, sun haura rabin miliyan. Kamar mata ne masu daka, kowace da saurin hannunta: in kowace ta fara lokacin da ta ga dama, abin da za ka ji daga nesa shi ne dum-dum marar yankewa, in kuwa suka sauke taɓarya tare, za ka ji dirim guda mai ƙarfi, su watse, sannan su sake haɗuwa. Idan aka kulle takun igiyoyin lezar, bugu guda ne ke zagayawa a ciki, yana leƙowa waje duk bayan nanosakan 12.5.

A 1991 Wilson Sibbett da abokan aikinsa a Jami'ar St Andrews suka nuna cewa dutsen da kansa yana iya yin wannan kullin, domin haske mai tsananin ƙarfi yana mai da dutsen kamar ɗan gilashin tattara haske, sai bugu mai ƙarfi ya fi samun riba a kan hasken da ke zuba a hankali. A aikace sau da yawa sai an ɗan girgiza na'urar kafin ta kama: mai aiki ya ɗan tura ɗaya daga cikin gilasan ciki da yatsa, ko ya ƙwanƙwasa mazaunin madubi. Idonsa kuma yana kan na'urar da ke rarraba launuka. Kafin kullin, layi ne siriri a allo. Da ya kama, sai layin ya baje ya zama tudu mai faɗi nan take. In aka ga wani siririn tsini ya tsaya a kan tudun, to wani ɓangare na hasken bai shiga kullin ba, yana zuba abinsa, sai an sake gyara madubai.

Yanzu ga bugun ya fito, femtosakan 10. A kan hanyarsa zuwa wurin gwaji ya ratsa taga da gilashin tattara haske, a ce jimlar kaurinsu milimita 10 na tsabtataccen gilashin silika. A sarari duk launuka saurinsu ɗaya, amma a gilashi ba haka ba: a wannan yanki, ɓangaren da ya fi ja ya fi ɓangaren da ya karkata wajen shuɗi sauri. Ana auna wannan halin gilashin, kuma ga silika a nanomita 800 ya kai kimanin 36 fs² a kowace milimita, wato 360 fs² a milimita gomanmu. Ninka wannan da faɗin zangon, bayan ka ninka faɗin da 2π, ka samu tazarar da za ta shiga tsakanin gefen ja da gefen shuɗi. Ga bugunmu mai terahaz 44, tazarar ta kai femtosakan 100. Abin da ya shiga yana femtosakan 10 ya fito yana kusan 100, ja a gaba, shuɗi a baya, ƙololuwar ƙarfinsa kuma ta faɗi sau goma.

Tura bugun femtosakan 100 ta cikin wannan gilashin dai. Faɗinsa terahaz 4.4 ne kawai, don haka tazarar da gilashin zai sa masa femtosakan 10 ce, kuma a lissafin siffar Gauss ba tarawa kai tsaye ake yi ba, murabba'insu ake tarawa a ɗauki saiwa. Zai fito yana 100.5, kusan bai ji komai ba. Abin mamaki, bugu biyun da ɗaya ya ninka ɗaya sau goma a bakin shiga, a bakin fita tsawonsu ɗaya. Faɗin da ya ba gajeren bugu gajartarsa shi ne kuma ya sa shi saurin lalacewa, kuma lalacewar tana ƙaruwa ne da murabba'i: rage tsawon bugu da rabi, kaurin gilashin da zai iya jurewa ya ragu sau huɗu.

Ta yaya za a gane abin da ya faru? Na'urar rarraba launuka ba za ta faɗa maka ba, domin gilashi bai cinye launi ko ɗaya ba, tudun nanomita 94 yana nan yadda yake. Dole a auna lokacin kansa, kuma babu na'urar lantarki mai saurin bin femtosakan. Sai a auna bugun da kansa. A raba shi biyu, a tura rabi ɗaya ta madubi mai motsi, a sake haɗa su a cikin wani dutse na musamman da ke fitar da shuɗin haske na nanomita 400, wanda ƙarfinsa ke ƙaruwa idan rabin biyu suka iso tare. Matsar da madubin da maikiromita guda yana jinkirta rabin da femtosakan 6.7, tunda zuwa da dawowa ne. Ana matsawa ana rubuta ƙarfin shuɗin, a samu tudu, a raba faɗinsa da 1.41 in an ɗauka siffar Gauss ce. Daga nan a ninka lokacin da faɗin zango. In an samu kusan 0.44, bugun ya kai iyakar gajartar da faɗinsa ya yarda. A misalinmu za a samu 4.4, ninki goma, alamar cewa kayan suna nan, takunsu ne ya watse. Wannan awon ba ya nuna wane launi ne a gaba, amma akwai dabara mai sauƙi: sa wani ɗan gilashi da ka san kaurinsa a hanya. In bugun ya ƙara tsawo, ja ne a gaba. In ya gajarta, shuɗi ne ya yi gaba, gilashin kuma yana mayar da shi.

Irin wannan ciwon yana da magani. Ana jera gilasai biyu masu kusurwa uku yadda ja zai ratsa gilashi mai kauri fiye da shuɗi, ya makara daidai gwargwadon abin da ya tsere da shi. Ko a yi amfani da madubai masu ɗimbin siraran rufi waɗanda ja yake nutsewa cikinsu da zurfi kafin ya dawo, dabarar da Róbert Szipőcs da Ferenc Krausz da abokansu suka fitar a 1994. Amma akwai wani ciwon mai kama da shi a ido wanda wannan magani ba ya yi masa komai. A ce maimakon gilashi, bugun ya bi ta matatar launi, ko wani madubi da ba ya mayar da komai sai nanomita 9 na tsakiya. Shi ma zai fito yana femtosakan 100. Sai dai a wannan karon tudun da ke allo ya tsuke, ninkin kuma yana nan a 0.44. Ba abin da ya watse, an zubar da kayan ne. Mai aikin da bai duba launukan ba zai iya ɓata yini yana murɗa gilasai, bugun kuwa ba zai motsa ba, sai dai ya ƙara tsawo.

Da yake watsewar taku tana gyaruwa, an mai da ita makami. Gajeren bugu mai ƙarfi sosai yana fasa dutsen da ke ƙara masa ƙarfi. A 1985, a Jami'ar Rochester, Donna Strickland da Gérard Mourou suka miƙe bugun da gangan, suka ƙara masa ƙarfi yana a miƙe, sannan suka matse shi. Aikin ya sama musu rabon kyautar Nobel ta 2018. Masu rada sun riga su yin irin wannan: iya rarrabe abubuwa biyu da ke kusa da juna ya dogara da faɗin zango, ba da tsawon bugun da aka aika ba. Faɗin megahaz ɗaya yana raba abubuwan da ke da tazarar mita 150, ko an aika shi a gajeren bugu na maikirosakan guda, ko a dogon bugu mai zamewa daga ƙaramar kaɗawa zuwa babba wanda za a matse bayan ya dawo.

Ƙa'idar rashin tabbas da Werner Heisenberg ya fitar a 1927, wadda akan lulluɓe da maganganu masu ban tsoro, lissafinta wannan ne. Louis de Broglie ya riga ya ce a 1924 ƙwayar lantarki tana da tsawon igiya da ke tafiya da ƙarfin motsinta. In haka ne, killace ta a ɗan ƙaramin wuri yana bukatar ƙunshi mai tsawon igiya iri-iri, wato ƙarfin motsi iri-iri. Bambancinta da haske shi ne ba ta bukatar gilashi kafin ta baje. Sassan ƙunshinta saurinsu daban-daban ne ko a sarari, don haka gwargwadon yadda aka matse ta da farko, gwargwadon saurin bajewarta.

Shi ma haske akwai bangon da yake tararwa ta ƙasa. A nanomita 800 zagaye guda yana ɗaukar femtosakan 2.7, kuma bugun da ya kusa wannan gajartar yana neman faɗin da ya kusa kai rabin terahaz 375 ɗin kansa. Babu sauran wurin buɗawa sosai, domin kaɗawa ba ta sauka ƙasa da sifiri. Mai son atosakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na femtosakan, dole ya ɗaga tsakiyar gaba ɗaya zuwa can bayan shuɗi, inda ido ba ya gani kuma iska ma take shanye hasken, har sai an yi gwajin a cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Ta wannan hanya Pierre Agostini da Ferenc Krausz suka auna bugu na ɗaruruwan atosakan a 2001, bisa aikin da Anne L'Huillier ta fara, kuma su ukun aka ba kyautar Nobel ta 2023.